Aikin kwana huɗu a mako: Abin da ya faru a jihar Utah ta Amurka

A watan Agustan 2008, jim kaɗan bayan farashin galan na fetur ya haura dala 4 a Amurka, gwamnan jihar Utah na wancan lokaci, Jon Huntsman, ya rufe akasarin ofisoshin gwamnati a ranakun Juma'a.

Ma'aikata kimanin 17,000 suka koma aiki daga Litinin zuwa Alhamis, ana buɗe ofis ƙarfe 7 na safe a rufe ƙarfe 6 na yamma. Ba a rage albashi ba, ba a kuma rage sa'o'i 40 na mako ba. An dai cusa su ne cikin kwanaki huɗu, sa'a 10 kowace rana, maimakon sa'a 8 a kwanaki biyar.

Gwamnati ta yi hasashen rage kuɗin lantarki da na ɗumama ofisoshi da dala miliyan 3 a shekara. Amma da aka yi lissafin shekarar farko, abin da aka tsimi a wannan fanni bai wuce kusan dala dubu 500 ba, wato kashi ɗaya cikin shida na abin da aka sa rai.

Dalilin kuwa shi ne, gini ba ya daina cin wuta don kawai an kulle ƙofa. Manyan na'urori masu ajiye bayanai dole su ci gaba da aiki, kuma idan sashe ɗaya na gini ya buɗe ranar Juma'a, sau da yawa sai an kunna na'urar ɗumama ko sanyaya ginin baki ɗaya. Sa'o'i biyun da aka ƙara a sauran ranakun su ma suna cin wuta. Bugu da ƙari, farashin makamashi ya faɗi bayan fara shirin.

Wanda ya ci riba a fili shi ne ma'aikaci, domin zirga-zirgarsa zuwa ofis ta ragu da kashi 20 cikin 100. Wannan ne ma, tare da hutun kwana uku, ya sa mafi yawan ma'aikatan da aka ji ra'ayinsu suka nemi a ci gaba da tsarin.

Batun yawan aikin da ake yi ya fi wuyar warwarewa. Wani binciken majalisar dokokin jihar a 2010 ya nuna cewa hukumomi da dama ba su da ingantaccen ma'aunin da za su gwada aikinsu na da da na lokacin shirin, don haka iƙirarin cewa aiki ya ƙaru ya dogara ne kan abin da ma'aikatan suka faɗa da bakinsu.

Lissafin ya danganta da irin aikin. Ma'aikatan gyaran titi da ke ɓata sa'a guda kullum wajen kai kayan aiki da kwashe su, suna asarar sa'a 5 a mako na kwana biyar, amma 4 kawai a na kwana huɗu. Shi kuwa ma'aikacin da ke bayar da lasisin tuƙi babu irin wannan riba a wurinsa. Mai neman lasisi ya samu damar zuwa da sassafe ko bayan ya tashi daga aiki, amma ranar Juma'a sai ya tarar da ƙofa a rufe.

Sai kuma gajiya. Masana biyu, Simon Folkard da David Lombardi, sun tattara alkaluman haɗurra a masana'antu a 2006, inda suka ƙiyasta cewa haɗarin jin rauni a aikin sa'a 10 ya ɗara na sa'a 8 da kimanin kashi 13 cikin 100, na sa'a 12 kuma da kashi 27. Haɗarin yana taruwa ne a ƙarshen yini, kuma hutun Juma'a ba ya maganin gajiyar yammacin Laraba. Saboda haka hukumar da ke son sanin gaskiya ba jimillar aikin mako za ta duba ba, kura-kuran sa'a ta tara da ta goma za ta ƙirga. Ga mai aikin tebur, kuskuren takarda ne da za a iya gyarawa. Ga direba ko mai sarrafa inji, al'amarin ya wuce nan.

A ƙarshe koken jama'a kan rufe ofisoshi ne ya yi tasiri. A 2011 majalisar ta zartar da dokar buɗe su kwana biyar, gwamna Gary Herbert ya hau kujerar na-ƙi, majalisar ta yi fatali da matakin nasa, aka koma tsohon tsari a watan Satumba.

Gambiya ma ta gwada irin wannan a 2013, lokacin da Yahya Jammeh ya mayar da aikin gwamnati ƙarfe 8 zuwa 6, Litinin zuwa Alhamis, yana cewa don a samu lokacin ibada da noma. Adama Barrow ya soke tsarin a 2017, ya maido da aikin rabin yini ranar Juma'a.