Sati biyu daban, rabin wata daban

Ƴan uwa masu aiki a shantiye, a gareji, a gidan burodi ko tashar mai daga Gidan Rumji zuwa Agiye da Gazawa, ku tambayi mai karɓar kuɗi duk sati biyu nawa yake samu a wata. Nan take zai ninka biyu ya ba ku amsa. Wannan lissafin yana rage masa kuɗinsa, kuma wani lokaci wanda ya san lissafin ne ke cin ragowar.

Shekara sati 52 ce da kwana ɗaya. Mai karɓa duk sati biyu, ke nan, sau 26 yake karɓa. Ninka biyu a wata goma sha biyu sau 24 kawai yake bayarwa. Biyan nan biyu da suka ɓace a lissafi suna nan, su ne ke faɗowa cikin watanni biyun da ake biyan mutum sau uku.

A ɗauki yaron da ke karɓar jikka 20 ranar Juma'a, sati ɗaya a biya, sati ɗaya a tsallake. Jikka 20 sau 26, jikka 520 ke nan a shekara. A raba gida 12, ya tashi 43.333 na sefa a wata, alhali shi jikka 40 yake faɗa. Kada ku raina tazarar. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne, don haka lissafi ɗaya ya sa shi ƙasa da layin, ɗayan ya sa shi sama.

Inda abin ke cizo shi ne wajen kalmar kanzan. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ce wanda aka ɗauka aikin yini ko na sati, kada a wuce kwana goma sha biyar ba a biya shi ba, shi ya sa bakinmu ya saba da ita. Amma kanzan ta gaskiya ranar 15 ce da ƙarshen wata, sau 24 a shekara, ba ta da watan biya uku har abada. In an yi da kai jikka 20 duk Juma'a ta biyu, daga baya ubangida ya ce "mu maida shi 15 da 30, ai duk ɗaya ne", kuma bai ƙara ko dala ba, to ya zare maka jikka 40 a shekara, kana kuma zuwa aiki kwanakin nan dai. Don a tashi daidai, kowace kanzan sai ta zama 21.667. Wanda ake ƙirga wa kwanakin da ya yi aiki, shi wannan bai taɓa shi ba, tunda kanzan ɗinsa ta fi yawan kwanaki. Mai tsayayyen kuɗi ne ke cutuwa.

Gane watan biya uku ba wuya. In biyan farko ya faɗo ranar 1 ko 2 ga wata mai kwana 30, ko 1 zuwa 3 ga mai kwana 31, na uku zai shigo kafin watan ya ƙare. A 2026, mai karɓa Juma'a 2 ga Janairu yana da uku a Janairu (2, 16, 30) da Yuli (3, 17, 31). Wanda nasa ya fara 9 ga Janairu, nasa Mayu ne da Oktoba. Gari ɗaya, aiki ɗaya, amma ba sa'a ɗaya ba: na farko kuɗinsa na zuwa tsakiyar damina lokacin da tiyar hatsi ta yi tsada, na biyu kuwa ɗaya daf da babbar salla, ɗaya da kaka, lokacin da ya fi dacewa a sayi buhun gero a ajiye.

Ni a ganina lambobi biyu ya kamata kowa ya riƙe. In ana maganar haƙƙi, ko kwatanta aikinka da wani mai albashin wata, ko neman bashi a asusu, faɗi 43.333. In kuwa haya ce da wuta da cefane, tsara su kan jikka 40, domin wata goma cikin sha biyu ita ce ke shiga hannunka. Wanda ya kama ɗaki da lissafin 43.333 zai riƙa cin bashin jikka uku da ɗoriya kowane wata yana jiran Yuli.

Biyan na uku ma ba duka ne rara ba. Sati biyun da ke bayansa sai an ci abinci, sai an sa mai a babur, in kuma kana zubin adashe na sati biyu, uwar adashe ita ma sau uku za ta zo a watan. Haya da sauran kuɗin wata-wata ne kaɗai ba su biyo shi ba. In abinci da adashe na cin jikka 12 cikin 20 ɗin, abin da za ka iya kaiwa kasuwar hatsi jikka 8 ne.