Wa ya ce ka buɗe 0.05?

Ƙanena ya miƙo mini wayarsa ranar Juma'a da dare, idonsa ja. Dala 200 ya zuba a asusun kasuwar canjin kuɗi, kuɗin da ya tara daga gyaran waya, saura dala 40. Na buɗe zauren da yake karɓar sigina, na ga abin da "oga" ya rubuta: a sayi XAUUSD, lot 0.05, Stop Loss dala 8 ƙasa da farashi. Saƙo ɗaya ga mai dala 200 da mai dala dubu goma! Wannan ai mugunta ce.

A wurin yawancin dillalai, lot 0.01 na zinare oza ɗaya ne, wato duk dalar da farashi ya motsa, dala ɗaya ce ta shiga ko ta fita. Lot 0.05 oza biyar ke nan. Biyar sau takwas, dala 40: kashi 20 cikin ɗari na jarin yaron a ciniki guda. Sau huɗu aka buge shi, shi ke nan.

Abin da ya kamata a koya masa ba ya cin minti biyu. Ka fara yanke abin da za ka iya asara, a ce kashi 2 cikin ɗari, dala 4 ke nan. Ka duba inda Stop Loss ya dace ya zauna. Sai ka raba: dala 4 a kan tazarar dala 8, rabin oza. Lot shi ne ƙarshen lissafi, amma su ogannin sigina da shi suke farawa.

To, ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne ogannin ke yin gum. Rabin oza lot 0.005 ne, alhali mafi ƙanƙantar abin da galibin dillalai ke bari 0.01 ne, wanda zai ci dala 8, kashi 4. Amsar lissafin ita ce wannan cinikin ya fi ƙarfinka. Ka bar shi, ko ka koma asusun da ake ƙirga da santi. Kada ka jawo Stop Loss kusa don lissafi ya fita. Ɗan numfashin da zinare ke yi cikin sa'a ya isa ya tsinke shi.

Za su ce dala 4 ba ta sa mutum ya yi arziki. Gaskiya ne. Kuma lokacin fitar manyan labarai farashi kan tsallake Stop Loss a ci fiye da abin da aka ware. Amma wanda ke sake lissafa kashi 2 bayan kowace asara, ko an buge shi sau goma a jere yana da kusan dala 163.

Na tambayi ƙanena ko ogan ya taɓa tambayarsa nawa ke asusunsa. Ya ce kuɗin wata kawai yake tambaya.