Faɗar aibin haja a intanet: nasiha ce ko giba?

Ɗalibai a Gusau na yawan tambayarmu: wanda mai shago ya ɓata wa aiki, idan ya ba shi tauraro ɗaya a Google Maps ya kuma rubuta dalili, ya ci naman ɗan'uwansa? Fahimtarmu ita ce bai ci ba, muddin ya tsaya kan abin da ya faru da shi. Imam Nawawi, a Riyadus Salihin, ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ke halatta, kuma gargaɗin Musulmi daga cutarwa na cikinsu. Hujjarsa ta haɗa da hadisin Faɗimatu 'yar Ƙais, wadda Manzon Allah (SAW) ya bayyana wa aibin manemanta biyu. Abin lura, kowannensu aibi ɗaya aka ambata masa, wanda ya shafi zaman aure, aka tsaya.

A ɗauka mutumin Damba ya kai gyaran waya cikin gari. An yi alkawarin kwana uku, aka kai tara, gilashin da aka sanya kuma ya daina jin taɓi bayan mako guda. Wajibin farko ya koma wurin mai gyaran a asirce. In abin ya faskara, sai ya rubuta ranar, da alkawarin, da abin da ya lalace, da amsar da aka ba shi, ya adana rasit da hoto. In an karɓe shi da mutunci, ya faɗa, domin adalci ne. Amma da zarar ya rubuta "ɓarawo ne, jabu yake sayarwa", ya bar shaida ya koma hukunci kan niyyar da bai gani ba.

Wannan tazara ba ƙarama ba ce a gaban hukuma. A Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika suga, sannan cikin musayar martani ta danganta shi da kashe mutane. 'Yan sanda suka kama ta, aka tuhume ta ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Muna ganin kamun ya wuce kima, sai dai maganar farko ɗanɗanonta ne, ta biyu kuwa da'awa ce mai neman hujja.

Su kuma 'yan kasuwa su sani Google ba ya goge sharhi don kawai ya yi ɗaci. Abin da ke sa a cire shi, bayan an kai ƙorafi ta "Report review", shi ne ya kasance na ƙarya, ko na abokin gasa, ko an biya kuɗi a rubuta shi, ko ya ƙunshi zagi, barazana ko tona bayanan sirrin mutum. Marubucin kansa yana iya gyarawa ko gogewa kowane lokaci. Idan mai gyaran ya canza gilashin daga baya, mun fi son a ƙara layi a bayyana hakan, tare da kwanan wata, maimakon a share komai.