Sayen buhu a Agusta ba wayo ba ne

1/ Masu cewa "sayi buhu ka huta", wane wata kuke nufi? A Agusta rumbuna sun kusa ƙarewa, sabuwar masara ba ta iso ba, dole ta yi tsada. Da kaka kuwa manomi na neman kuɗin biyan bashin taki, kowa ya kwaso zuwa Dawanau, farashi ya faɗi.

2/ Ko na kakar ma sai da lissafi. A ce buhu mai kwano 40 ka saya dubu 40 a Nuwamba, a Agusta ya kai dubu 52. In ƙwari suka cinye kwano 10, kwanonka ya tashi naira 1,333, na kasuwa 1,300. Ina ribar?

3/ Ciji ƙwayar kafin ka biya. In ba ta yi ƙaras ba, ɗanya ce, za ta yi fumfuna.