A Kan Rage Nauyin Muryoyin da Muke Naɗowa a Fagen Bincike

Da yawa daga cikin masu nazarin adabin baka, in sun tashi aika hirar da suka naɗa, sai su mayar da ita MP3 kawai. A ganina wannan al'ada na cinye data ba gaira ba dalili. Abin da ke yanke nauyin fayil shi ne bitiret, wato yawan bayanan da ake kashewa kan kowace daƙiƙa ta sauti. Kodek kuwa, wato dabarar matse sautin, shi ke yanke ingancin da za a samu daga wannan adadi.

Mu ɗauki hirar awa ɗaya da wani makaɗin fada, wadda aka naɗa a WAV da makirfo guda, bisa 48 kHz da 24-bit. Nauyinta zai kai megabait 518, kuma a layin da ke tafiyar 256 kbps sai ta ci awa huɗu da rabi kafin ta sauka. MP3 mai 128 kbps zai mayar da ita kusan megabait 58. Amma Opus, kodek ɗin da aka daidaita ƙa'idarsa a 2012, yana riƙe magana sarai a 32 kbps, wanda ya kama megabait 14 da 'yan kai, saukar minti bakwai da rabi. Da manhajar ffmpeg ana yin haka:

```
ffmpeg -i hira.wav -ac 1 -c:a libopus -b:a 32k hira.opus
```

Wani zai ce matsi irin wannan zai ɓata karin sauti. Ba nan haɗarin yake ba, domin hawa da saukar murya suna jure matsi ƙwarai. Abin da ke fara lalacewa shi ne sautuka masu kaifi da saurin wucewa, irin fashewar ƙ da ts, da sautin s da sh, da dukan farko na kalangu. Saboda haka a yanki minti ɗaya a gwada tukuna, a saurara da abin kunne. In s ta koma kamar ana magana a cikin ruwa, ko bugun ganga ya dushe, an matse fiye da kima. Inda akwai kiɗa da amshi, gara a hau zuwa 64 ko 96 kbps. In wayar mai karɓa ba ta buɗe Opus, a koma ga AAC cikin fayil na M4A a 64 kbps.

Iyakar wannan shawara ita ce, fayil ɗin da aka matse na sauraro ne da rubuta matani kaɗai. Mai auna furuci a Praat ya nemi WAV, ko FLAC wanda ke rage kusan rabin nauyi ba tare da zubar da komai ba. Abin da Opus ko MP3 suka zubar ba ya dawowa, kuma matsi a kan matsi ƙara ɓarna yake yi. Don haka ya kamata sassanmu su wajabta adana naɗin asali, kowane kwafi kuma a fitar da shi daga can.