Wasiƙar Kaka: Buhu Ashirin na Albasa

Wasiƙar wannan mako daga Kalmalo ta fito, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijar. Wani dattijo manomi ne ya rubuta wa jikansa da ke makarantar kwana, ya kuma yarda mu buga ta bayan mun cire sunaye.

Zuwa ga abokina, jikana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kakarka tana gaishe ka, ta ce kai miji ne marar cefane. Mutanen gida duk lafiya lau.

Labari ya iso mini cewa ka ranci naira dubu uku wurin abokinka, ka ce za ka biya ranar ziyara. Ka kuma riga ka sani babanka ba zai samu zuwa ba, amma ka yi shiru, har ka fara sauya hanya in ka hango yaron. Ba faɗa zan yi maka ba, domin na taɓa yin abin da ya fi naka. Saurara ka ji.

A ƙarshen shekarar 1983, lokacin dashen albasa, wani ɗan kasuwa daga Birnin Ƙonni ya zo gonata a bakin tafkin Kalmalo. Ya ƙirga mini naira ɗari biyu, ni kuma na ce zan ba shi buhu ashirin "in an cire albasa". Muka yi musafaha, ya tafi. Babu takarda, babu shaida. Ba mu faɗi rana ba, ba mu faɗi girman buhu ba, ba mu kuma faɗi inda zan kai masa kayan ba, ko Illela ko Ƙonni.

Daminar shekarar ba ta yi kyau ba, ruwa ya ja da baya da wuri. Albasa kuwa ta fi bukatar ruwa a lokacin da take yin kai. Tun watan Fabrairu na ga bakin ganye yana bushewa, kawunan ba su cika ba. Manomi yana iya ƙirga buhunansa tun suna cikin ƙasa, kuma lissafina ya nuna mini ba zan kai ashirin ba. Ƙonni ba ta da nisa da mu, da na tashi da hantsi da na dawo kafin la'asar. Kunya ta hana ni. Kullum sai in ce wataƙila abin ya gyaru.

Da na cire, buhu goma sha huɗu na samu. Ina cikin tunanin abin da zan faɗa, sai gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilun 1984. Wallahi abokina, daɗi na ji a raina. Na ce ga uzuri ya zo har gida. Na kai albasar kasuwar Illela na sayar, buhu naira goma sha biyar, na samu ɗari biyu da goma. Na ce in mutumin ya zo sai in miƙa masa ɗari biyunsa, an rabu lafiya.

Ashe yana da ƙane a Illela, wanda da na so da tuni na aika saƙo ta hannunsa. Ƙanen ya kai ni gaban wani dattijo a cikin dillalan albasa. Na ajiye kuɗin a kan tabarma, dattijon ya ture su gefe, ya tambaye ni: kuɗi ka yi alkawari ko albasa? Ya ce ɗari biyun da a da take buhu ashirin, yau ko sha huɗu ba za ta saya ba. A nan ne kuma na ji cewa mutumin ya riga ya yi wa wasu alkawarin kayan nan, dogaro da maganata. Da na faɗa masa tun Fabrairu, yana da wata biyu da zai nemi cikon wurin wani manomi. Shirun da na yi ya mai da shi maƙaryaci a idon mutanen da ban taɓa gani ba.

Dattijon ya ce zaɓi na mai kuɗi ne: ko ya karɓi kuɗinsa, ko ya jira wata kakar albasa. Ya zaɓi jira. A wannan karon aka rubuta komai gaban shaidu biyu: buhu ashirin, irin wanda aka nuna mana a wurin, a kai shagon ƙanensa a Illela, ranar kaza. Daminar 1984 ta fi ta baya muni. Sha biyu na noma a 1985, na sayar da kekena da raguna biyu na sayi takwas na cika. Ba a buɗe iyaka ba sai 1986, amma kafin nan na sauke kayan da ke kaina. Duk da haka mutumin bai sake ba ni kuɗin gaba ba, kuma na yi shekaru in na nemi rance a kasuwa sai in ga ana kallon juna.

Abu biyu na koya. Na farko, alkawarin da ba shi da adadi da rana da wuri rigima ce aka ajiye. "In na samu" da "in na gama" ba ranaku ba ne. Ka tambayi malaminku, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sa masa lokaci da shaidu take magana. Rubutu ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa ne.

Na biyu, ba kowane alkawari mutum ke iya cikawa a kan lokaci ba. Ruwan sama ba a hannuna yake ba, iyaka ma haka. Amma ƙafata da bakina a hannuna suke. Ranar da ka gane ba za ka iya ba, ranar ce ta zuwa wurin mai haƙƙi, ba ranar da wa'adi ya cika ba. Alamar cewa ka fara karya alkawari ita ce ka ji daɗi in uzuri ya samu, ko ka ji gabanka ya faɗi in ka hango mutumin.

To ga abin da za ka yi. Yau, kafin ka kwanta, ka sami abokinka ka ce masa babanka ba zai zo ba. Mamanka ta ce kana da dubu ɗaya, ka ba shi ita nan take. Sauran dubu biyun ka sa musu rana wadda kai kake da iko da ita, misali Asabar ta farko bayan an dawo hutu. Ku rubuta a bayan littafi, shugaban ɗakinku ya sa hannu. Ka kuma tambaye shi ko akwai abin da ya shirya yi da kuɗin ranar ziyara, domin wataƙila shi ma wani yake jiransa.

Kada ka sa rai zan aiko maka da kuɗin. In ka zo hutu akwai aiki a gona, zan biya ka ladan kwana huɗu, ɗari biyar kowace rana, ranar Lahadi da yamma a ƙofar gida. Ka ga na faɗi adadi da rana da wuri. Ka ajiye wasiƙar nan, ita ce shaidarka a kaina.

Allah Ya yi maka albarka.

Kakanka,
daga Kalmalo