Balarabe a Mai Wurno: Ina Ake Neman Ma'anar Suna?

Ɗalibin da ya ji an kira wani Balarabe a garin Mai Wurno, kusa da Sinnar a gaɓar Shuɗin Nilu, yana iya yanke hukunci nan take cewa mutumin yana da jinin Larabawa. Zaton ba shi da laifi. Garin ya kafu ne bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi hijira da jama'arsa zuwa Sudan, kuma tun daga nan Hausawan ƙauyukan Jazira suke cuɗanya da masu magana da Larabci. Sai dai a mafi yawan lokuta hukuncin kuskure ne, domin a al'adar Hausa Balarabe shi ne yaron da aka haifa ranar Laraba.

Kalmomi biyu ne suka haɗu a siffa ɗaya. Laraba ta fito daga sunan rana ta huɗu a Larabci, tushenta ra, ba da ain, wato tushen arba'a. Larabawa kuwa tushensu ain, ra da ba. Haruffan ɗaya ne, jerinsu ne ya bambanta, kuma lam ɗin da ke farkon kowacce ragowar "al" ce da Hausa ta haɗiye. Mai son ya rarrabe sai ya duba sunan mace: wadda aka haifa ranar Laraba ita ce Laraba ko Balaraba, 'yar ƙabilar kuwa Balarabiya.

Saboda haka bai kamata ɗalibi ya fara da ƙamus ba, ko da na Bargery ne na 1934. Ya fara tambaya: wannan sunan yanka ne, ko laƙabi? Sunan yanka galibi na Larabci ne, kuma tushensa ake bi. Ta haka za a gane cewa Babikir na Sudan da Habu na Kano duk Abubakar ne. Laƙabi kuwa labarin haihuwa yake ɗauke da shi, kuma sau da yawa kunya ce ta raya shi, tunda uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tanko ya biyo bayan 'ya'ya mata, Gambo ya biyo bayan tagwaye. Wannan ɗabi'a ba ta Hausa kaɗai ba ce: Juma'a da Hamis na Larabawan Sudan, da Kofi na Akan a Ghana, duk rana suke nunawa.

Ƙamus yana faɗin abin da suna ke nufi a harshe, amma ba ya faɗin dalilin da aka sa wa wannan mutum shi. Wani Tanko sunan kakansa ya ci, ba shi da yaya mace ko ɗaya. A nan amsar tana wurin kaka ko gwaggo, wadda ta san ranar da aka haifi yaron da wanda aka yi wa takwara.